Wace takarda zan fara da ita a tsaron intanet?

Laminu: Salamu alaikum yan zaure. Na gama lisans na infomatik bana, ina nan Zango ina gyaran ordinatar, wani ya ce min in je kai tsaye in zana CISSP wai ita ce babba. Ku ba ni shawara don Allah

Injiniya Sani: Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda ya faɗa maka bai ƙarasa maka zancen ba. CISSP ko ka ci jarrabawar ba za su ba ka takardar ba sai ka nuna shekara 5 kana aikin tsaro a fanni 2 cikin 8 ɗinsu, kuma sai wani mai takardar ISC2, ƙungiyar da ke ba da CISSP ɗin, ya tsaya maka ya shaida, ko ita ƙungiyar da kanta. Lisans ɗinka zai iya rage maka shekara 1. In ka ci babu shekarun sunanka Associate of ISC2, kana da shekara 6 ka cike su. Ka fara da Security+, ba ta tilasta maka shekarun aiki, tambaya ba ta wuce 90 cikin minti 90, ana neman maki 750 cikin 900.

Bashir: Ni dai CEH nake ganin ta fi, ai ita ce ta hakas, hannu da hannu ake yinta

Injiniya Sani: Bashir rabi ka faɗa. CEH ta asali tambaya 125 ce ta canki-canka a awa 4, mai hadda zai iya cinta bai taɓa kutsa na'ura ko ɗaya ba. Ta hannun ita ce CEH Practical, daban ake biyanta, awa 6.

Hadiza: Yaya Sani ni OSCP na zana bara ban ci ba. Kusan awa 24 kana kutsa na'urori, mai gadin jarrabawa na kallonka ta kamara, maki 70 cikin 100 ake nema, bayan nan ka rubuta rahoto da turanci cikin wata awa 24. Ba su tambaye ni shekarun aiki ba sam, hannuna ne ya tona min asiri. Na ɓata awa 5 kan na'ura ɗaya don na duba ƙofofi 1000 kawai da nmap, manhajar binciken ƙofofin na'ura, ke dubawa da kansa, ashe abin yana can wata ƙofa sama. Da ma wannan mai duba duka ƙofofin na buga tun farko

```
nmap -p- -sV 10.10.10.5
```

ga kuran ya ɗauke da zafin rana, batir ya mutu, rezo ya tsinke. Wanda zai zana ta a Damagaram ya tanadi sola da layi biyu.

Musbahu: Wai wannan takardar za ta sa in iya dawo da fesbuk ɗina da aka sace?

Hadiza: Hhh a'a Musbahu wannan zance daban. Laminu bayan Security+ in kutsen kake so ka gwada eJPT, ita ma ta hannu ce amma ta yan koyo, kafin ka zuba jakunkunanka a OSCP.

Laminu: Na gode. To yaya Sani gyaran ordinatar da nake yi, da cire bairos da saita waifai na mutane, zai shiga lissafin shekarun CISSP?

Injiniya Sani: Ya danganta da abin da takardar shaidar aikinka ta ce kana yi, kuma wa zai sa mata hannu tunda kai ne mai shagon? Ka leƙo ofis bayan la'asar mu duba.