Sunan kamfaninmu na albasa: ina ake duba ko wani ya riga mu?

Sani Tawa: Assalamu alaikum. Mu uku ne za mu buɗe SARL, wato kamfanin da alhakin kowa ya tsaya a kan jarin da ya zuba, na sayen albasa a nan Tawa. Ni ke da kashi 50 na jari, abokaina 30 da 20. Mun zaɓi Alheri Galmi, kuma mai rubuta mana ƙa'idojin kamfani yana jiran mu tabbatar masa da sunan. Ina ake dubawa? Binciken Tawa ya isa, ko sai an haɗa da Yamai?

Dan Kasuwa: Buga sunan a waya. In bai fito ba, naka ne.

Malam Issufu: Wa alaikumus salam. Waya ba rajista ba ce, kamfanoni da yawa suna da lambar RCCM, wato rajistar kasuwanci, amma ba su da ko shafi ɗaya. Ƙa'idar tana cikin dokar kamfanoni ta OHADA, ƙungiyar da ta haɗa dokokin kasuwancin ƙasashenmu, aya ta 16: kamfani ba ya ɗaukar sunan wani da ya riga ya shiga RCCM. Wurin tambaya shi ne ofishin magatakardan kotu mai riƙe da rajistar, a Tawa babbar kotun gari, a Yamai kotun kasuwanci. Ka kai buƙatar a rubuce, ka nemi amsa a rubuce da hatimi. Ayar ba ta ce kamfanin garinku kaɗai ba, don haka a duba Yamai ma.

Inda ake faɗawa rami shi ne rubutu. Sunan Hausa kowa yana rubuta shi yadda ya ji a kunne. Wanda ya nemi Alheri kaɗai zai iya tsallake Alhéri, Al-Héri, Alkhairi da El Kheir. Jera su duka a takardarka, ka haɗa da gajeren sunan da za ku sa a buhu, sannan ka riƙe wasu sunaye biyu a aljihu.

Hajiya Rabi: Ɗana Sani, ka ji maganar Malam. Wasu 'yan mata masu garin kunu a unguwarmu an ce musu da baki babu mai sunan. Suka buga leda dubu biyar, allo, hatimi, littafin rasit. Bayan wata huɗu takarda ta iso daga mai sunan, bambancin harafi ɗaya ne. Ledar tana nan jibge a zaure, ga bashin mai buga ta. Wanda ya ce babu komai ya ce bai tuna su ba. Ƙaramarsu kuka take yi.

Dan Kasuwa: Hajiya, su juya ledar ciki waje mana!

Hajiya Rabi: Ba abin dariya ba ne, ɗan nan. Hatimi kaɗai jika goma ya ci musu.

Abdu Wadata: An cuce su. Amma ni a sanina in RCCM ya fito, magana ta ƙare, ba mai taɓa sunanka.

Malam Issufu: Rabin gaskiya ke nan, Abdu. Sunan kamfani daban, tambarin da ke jikin kaya daban. Tambari a OAPI ake rajistarsa, hukumar ƙasashen Afirka mai kare tambura, hedikwatarta a Yawunde, rajista ɗaya tana aiki a ƙasashe 17 har shekara 10, ana sabuntawa. Mai tambari a Kotonu yana iya hana ledarka a Tawa ko da RCCM ɗinka na hannu. Shi ya sa ake neman binciken tambari dabam, a rukunin kayanka: ɗanyar albasa rukuni na 31. Kuma Sani, ka kula da kalmar Galmi. Albasar Violet de Galmi tana da kariyar sunan asali a OAPI, kada ka buga ta a buhun albasar wani wuri.

Abdu Wadata: Malam littafi yake karantawa, mu da muke bin layi mun san yadda ake yi. In ya ci karo, ya canza suna kawai.

Malam Issufu: Layin ne ya koya mini. Canza suna gyaran ƙa'idojin kamfani ne, a SARL sai masu kashi uku cikin huɗu na jari sun yarda. Sani da mai 20 sun tashi 70, ba su kai ba, dole sai mai 30. Sannan a sanar da RCCM cikin kwana 30, a gyara NIF, wato lambar haraji, da asusun banki.

Zinariya: Wannan NIF ɗin ma! Sai RCCM ta ce Alhéri, takardar haraji ta ce Alheri, banki ya ƙi buɗe asusu. Kuskuren mai bugawa ne, amma kai za ka yi ta zirga-zirga a rana. Ku karanta harafi-harafi kafin ku bar gaban tebur.

Abdu Wadata: 'Yan tsakiya ne ke jawo haka. Suna karɓar takardun mutum goma, su cika su tsaye a bakin ƙofa.

Sani Tawa: Na gode. To buƙatar Yamai ɗin, sai na je da ƙafata, ko ƙanena da ke can zai iya kai ta?