Me za mu kira ƙarfen cire guntun noti?

Mai tambaya: Jama'a, ina rubuta wa yaran gareji bayani. Noti ya karye daidai da fuskar ƙarfe, babu abin da filaya za ta kama. Bakin dirila mai juyin hagu da estirakta, wato siririn ƙarfen da ake murɗawa cikin ramin da aka huda a guntun don a kwance shi, wane suna za mu ba su da Hausa?

Tsohon makaniki: Bakin dai sunansa a jikinsa yake: bahagon baki. Haƙoransa ba sa ci sai dirila na ribas, wato ɓangaren da noti ke kwancewa. Ɗauki M8, mai sifana 13. Ka goge saman guntun, ka buga masa ɗigo a tsakiya cif, ka zuba man tsatsa ya jiƙa. Fara da baki milimita 3, a hankali, hannu na dannawa, sannan 4. Sau da yawa kana cikin huda za ka ji bakin ya cije, guntun ya biyo shi yana juyowa waje. In baki na dama ne, ƙara tura shi ciki zai yi.

Mai fassara: Na biyun kuma matsefata. Abu ya karye a ciki kamar ƙaya, a ciro shi.

Tsohon makaniki: Malama, matsefata ja take yi. Yaro ya ji haka zai ɗauka fizgowa ake yi. Wannan murɗawa ake yi hagu, siririn bakinsa na ƙara cizo cikin ramin. Ni makwanci nake so, tunda kwancewa yake yi.

Mai walda: Ku bar wahala. Ku ɗora macen noti a kai, ku cika ta da walda, sifana ta gama aiki.

Mai tambaya: Oga, suna muke nema. Kuma ba kowa ke da injin walda ba.

Wani direba: Baba, estiraktana ya karye a cikin guntun, na sa baki biyu duk sun ƙone. Ina laifin?

Tsohon makaniki: Ƙarfensa ya fi bakin dirila tauri, kuma ba ya lanƙwasa, tsinkewa yake yi. Sai bakin kabayid. Tun farko a duba abin da ya karya notin. In ɗauri ne ya yi yawa, guntun sako-sako yake, zai fito. In tsatsa ce ta riƙe shi har kan ya tsinke, siririn ƙarfe ba zai iya abin da sifana ta kasa ba. Ramin ma in ya yi faɗi, makwancin buɗa guntun yake yi ya ƙara matsewa. Da ka ji yana murɗuwa guntun bai motsa ba, tsaya. Huda da baki milimita 6.8 ka gyara tiredin.

Mai fassara: To ai sifana ma makwanci ce, Baba. A ce makwancin guntu.

Mai tambaya: Bahagon baki na ɗauka. Makwancin guntu ya ɗan yi tsawo a baki, zan gwada wa yaran in ji ko zai zauna.