Mutane suna sauke manhajata amma ba sa gama rajista, ta ina zan gane inda suke rikicewa?

Baban Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa wata 'yar manhaja ta Android wadda masu shago za su riƙa rubuta bashi a ciki. Kafin mutum ya fara aiki da ita sai ya wuce shafi bakwai: hotuna uku na bayani, lambar waya, lambar da ake turowa ta saƙo, lambar sirri, sai sunan shago. A wata guda mutum 310 suka buɗe ta, 96 kaɗai suka kai ƙarshe. Na ba abokaina huɗu sun gwada, sun ce lafiya lau. Yaya zan yi in gane ko shafukan ne suke rikita baƙo?

Sadiq Zariya: Wa alaikumus salam. Oga shafi bakwai ai ya yi yawa. Cire hotunan nan uku, ba mai karanta su. Sauran kuma ka sa Firebase ya ƙirga maka kowane shafi, ka ga inda ake zubewa. Ba sai ka wahalar da kanka ba.

Baban Khalil: Akwai ƙirgen, Sadiq. Hotunan ba su cinye mutane sosai ba. 255 sun sa lambar waya, amma 118 ne suka wuce shafin `OTP`, wato na lambar da ake turowa ta saƙo. Nan ne ramin yake.

Alhaji Mai Taya: Ni ma haka ake min wallahi. Ranar Juma'a na fi awa ina jiran lambar nan daga banki ba ta zo ba, ga mutum tsaye yana jiran kuɗinsa. Aka ce wai sai na tura saƙo zuwa 2442 an cire min wani abu. Wanda ya san yadda ake yi ya taimaka.

Sadiq Zariya: Alhaji wannan `DND` ne, tsarin da ke toshe saƙonnin talla a layi, zan yi maka bayani a gefe. Amma ka ga, Baban Khalil, wataƙila ma matsalarka ke nan, saƙon ne ba ya isa. Ka canja kamfanin da ke tura maka saƙo.

Anti Bilki: Kada ka canja komai tukuna, ƙanena. Ƙirge yana nuna maka inda mutum ya faɗi, ba ya nuna abin da ya yi tuntuɓe da shi. Mai yiwuwa Sadiq ya yi daidai, mai yiwuwa kuma dutsen yana shafin da ya gabata. Sai ka zauna kusa da mutum ka kalli yatsansa.

Abokanka huɗu ka ajiye su gefe. Sun san kai ka yi abin, kuma na tabbata irinka ne, masu kwana da waya. Nemo mutum biyar masu shago na gaske waɗanda ba su taɓa ganin manhajar ba. Biyar ɗin ba daga kaina na ƙago ba, Jakob Nielsen, wani masanin sauƙin amfani da manhajoji, ya yi rubutu a kai a shekarar 2000, inda ya nuna mutum biyar kan fito da kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani, in dai mutanen iri ɗaya ne. Abin da na gani da idona shi ne, kafin ka kai na huɗu za ka fara ganin abu ɗaya yana maimaituwa.

A wayarsu za su sauke, ba taka ba. Taka tana da wuri, tana da sauri, tasu kuwa cike take da hotuna da bidiyo, fuskar ta tsage, ga rana ta haske ta. In dole sai da taka, ka goge bayanan manhajar bayan kowane mutum don ta dawo sabuwa fil:

```
adb shell pm clear com.misali.bashi
```

Sannan kada ka ce masa “yi rajista”. Da ka faɗi haka ka riga ka ba shi rabin amsa. Ba shi aiki irin na shago: “Wani ya karɓi kayan dubu uku bashi, rubuta shi a nan.” Rajistar za ta tare shi a hanya kamar yadda take tare kowa. Ka gaya masa manhajar ake gwadawa ba shi ba, kuma ya riƙa faɗin abin da ke ransa a fili. Daga nan ka kama bakinka. Wannan ne mai wuyar. Zai ɗago ya ce “nan zan danna?”, hannunka zai yi ƙaiƙayi. Ce masa “da ba na nan, me za ka yi?” ka yi shiru.

Ka riƙe takarda, kowane shafi da layinsa. Rubuta inda ya tsaya ya yi jim, inda ya danna abin da ba ya dannuwa, inda ya koma baya, da kalmar da ya faɗa daidai yadda ya faɗe ta. Kada ka tambaye shi ko ta yi kyau. Mutanenmu akwai kara, ba wanda zai kalli idonka ya kushe maka aiki, “Masha Allah, ta yi” za ka ji ko da gumi ya jiƙa shi.

Baban Khalil: Na gode Anti. In ya maƙale gaba ɗaya fa, in bar shi?

Anti Bilki: Ba shi kamar minti biyu. In ya ajiye wayar ko ya ce shi kam ya haƙura, rubuta cewa a nan ya faɗi, sannan ka tsallakar da shi don ka ga sauran shafukan. Kuma ka je da hantsi kafin ciniki ya buɗe, ka riƙe ɗan katin waya na godiya tunda datarsa zai ƙona.

Issoufou Maraɗi: Ni tambaya gare ni. Mu nan lambarmu takwas ce, da +227. In ɗan kasuwarmu da ke sari a Kwari ya so sa ta, za ta karɓa?

Baban Khalil: Gaskiya a'a, Malam Issoufou. +234 na kafe a wurin, ba ya canjuwa. Ban ma yi tunanin wannan ba.

Baban Khalil: Jama'a na dawo. Na yi gwajin jiya da shekaranjiya: mai tireda a unguwarmu, tela, mai cajin waya, wani mai atamfa a Kwari, da wata baiwar Allah mai sayar da kayan kicin a gida. Kunya ta ishe ni.

Shafin lambar waya, akwatin yana da +234 a gefe, kuma na ƙayyade shi lamba goma, don na ɗauka kowa ya san ana jefar da sifirin farko. Huɗu cikin biyar da sifiri suka fara, yadda kowa ke karanto lambarsa. Mai atamfar nan ina kallonsa, yana bugawa yana faɗa a baki, bai ko kalli akwatin ba, idonsa na kan maɓallan. Da ya kai ta goma akwatin ya cika, ta sha ɗayan ba ta shiga ba, `Next` ya yi kore. Ya danna. Saƙo ya tafi lambar da babu ita. Ya zauna yana jira, ya danna `Resend` sau uku, ya ce “sabis ne, ka san garin nan.” Ko kusa bai zargi manhajar ba. Shi ya sa ƙirge ya nuna ramin a shafin `OTP`, alhali shafin bai yi laifin komai ba. Abokaina kuwa duk sun san a cire sifiri.

Mai cajin waya shi ne ya sa lambar daidai. Saƙo ya zo, ya fita ya je ya karanto, da ya dawo sai manhajar ta fara daga hoton farko. Wayarsa ƙarama ce, tsarin ya kashe manhajar a baya. Na gyara wa telan lambarsa don ya ci gaba, shi ma haka ta yi masa.

Matar kuma a `Create PIN` ta tsaya cak. Ta ce ita ba za ta sa lambar katinta na banki a abin da ba ta sani ba. Na yi shiru kamar yadda aka ce, ta miƙo min wayar.

Sadiq Zariya: To hotunan fa? Ai na faɗa.

Baban Khalil: Ka ci rabi. Uku sun share su ba su karanta ba. Mai tireda ya yi ta danna hoton maɓallin da ke cikin hoto na biyu, ya zaci na gaske ne. Amma matar ta karanta duka ukun, kuma daga nan ta gane me manhajar take yi.

Anti Bilki: Madalla, ka ga abin da awa biyu ta ba ka. Na sifirin nan kada ka gyara shi da rubuta gargaɗi a ƙasan akwati, mutumin da idonsa ke kan maɓallai ba zai gani ba. Bar akwatin ya karɓi lambar ko da sifiri ko babu, kai ka cire shi a ɓoye. A shafi na gaba kuma ka nuna lambar da manyan baƙi, “Mun tura saƙo zuwa lamba kaza”, da wurin gyarawa kusa da ita. Da akwai wannan, da mai atamfa ya ga lambarsa ba ta cika ba.

Na komawa farko kana iya jawo shi da kanka a wayarka. Shiga `Developer options` ka kunna `Don't keep activities`, sai ka bi rajistar kana fita kana dawowa a kowane shafi. Duk inda ta manta, nan ne ba ka ajiye matakin ba. Ka duba `SMS Retriever API` kuma, yana ɗauko lambar daga saƙon ba tare da mutum ya fita ba, ba ya ma neman izinin karanta saƙonni. Sai dai in layin yana cikin wata wayar daban, kamar masu riƙe ƙaramar waya ta kira, dole dai ya buga da hannu.

Na matar nan mutum ɗaya ce, amma ba zan raina ba, don maganar kuɗi ce. Sai dai ban tabbata canja kalma zai wadatar ba. Ni da zan ɗage lambar sirrin gaba ɗaya sai mutum ya rubuta bashinsa na farko, lokacin yana da abin da zai kulle.

Sadiq Zariya: A nan ban yarda ba Anti. Wayar shago hannu nawa take bi a rana? In ka bar shi ya shiga babu makulli, ba zai dawo ya sa ba. Yaron shago ya goge bashin abokinsa, a ce manhaja ce.

Anti Bilki: Kana da hujja. To ya gwada duka biyun, amma da sababbin mutane. Waɗancan biyar sun riga sun san hanya, sun tashi daga baƙi. Kuma in ka saki gyaran, ka sake duba 255 da 118 ɗin nan bayan sati biyu. In tazarar ba ta ragu sosai ba, to akwai saƙonnin da ba sa isa da gaske, sai a koma maganar Sadiq ta farko.

Issoufou Maraɗi: In an buɗe +227 a sa ni cikin biyar na gaba. Ina shigowa Kano ranar Laraba in Allah ya yarda.

Alhaji Mai Taya: Sadiq har yanzu ina jiran bayanin nan fa.