Babur na hannu ko in jira sabo?

Jama'a, a taimaka min da shawara, na rasa tudun dafawa. Kuɗin hannuna sun kai rabin farashin sabon babur, ga wani na hannu da aka yi min tayi. Na je da sassafe, na taɓa injin na ji shi da ɗumi, alamar an riga an tayar da shi kafin in iso. Da na murɗa totur, hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ya fito ta salansa, filogi kuma baƙi ne, jiƙe da mai. Mai shi ya ce ringi ne kawai. Ta yaya zan gane ko silinda ma ta cinye, ba tare da an kwance injin ba? In ta cinye, in haƙura in ci gaba da tari?