Na manta kalmar sirrin filashina

Malama mai digiri na biyu: Salamu alaikum 'yan uwa. Bara na kulle filashina da BitLocker, makullin nan na Windows, yau na zo buɗewa kalmar sirri ta ɓace mini fat. Babi uku na kundina na ciki. Akwai dabara?

Ɗan Kasuwar Waya: Malama kawo shi kasuwa a yi masa fomat, minti biyu ya buɗe.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Don Allah kada ki yarda a yi fomat. Filashin zai dawo aiki, amma babu kundin, kuma manhajar dawo da fayil ba za ta tsinto komai ba, don abin da ke ciki a hargitse yake in ba mabuɗi.

Ki fara neman mabuɗin ceto. Ranar da kika kulle shi, Windows bai bari kin wuce ba sai da kika zaɓi inda za a adana shi, wato wasu lambobi 48: asusun Microsoft, ko fayil, ko takarda. Ki shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey, ki kuma bincika kwamfutarki da imel ɗinki da sunan "BitLocker Recovery Key". In kin samu, ki soka filashin, ki danna "More options", sai "Enter recovery key".

Sannan ki gwada shi a kwamfutar da kika kulle shi da ita. In kin taɓa zaɓar ya riƙa buɗewa da kansa a can, zai buɗe ba tambaya. Nan take ki kwashe fayilolin.

Na Maraɗi: Ni tawa kalmar daidai take, kibod ne ya yaudare ni. Da na Faransanci na rubuta ta, na zo ina bugawa a na Ingilishi, ashe A da Q sun yi musayar gurbi, haka Z da W. Kwana uku ina zufa a banza.

Ɗalibi: A daina gwadawa fa, kuskure goma yake goge komai.

Injiniya: Wannan halin wasu filashi masu makulli a jikinsu ne, irin IronKey. BitLocker ba ya gogewa, ta gwada son ranta.

Malama: Takardar na buga, kuma mun tashi daga gidan. Amma na tuna kalmar sirrin da sunan 'yata ta fara, sai wasu lambobi.

Injiniya: To da sauran numfashi. Da hashcat, manhajar gwada kalmomin sirri, kwamfuta za ta jera sunan da lambobin ɗaya bayan ɗaya. In huɗu ne, gwaji 10,000 ke nan, abu mai sauƙi. Kowace lamba da ta ƙaru tana ninka aikin sau goma, ga shi da gangan aka sa kowane gwaji ya yi nauyi. Doguwar kalmar da ba ki tuna komai nata ba kuwa, ko Microsoft ba su da hanyar buɗe ta. Wanda ya ce ki turo kuɗi ya fasa a awa ɗaya, ki riƙe kuɗinki.

Lambobin nawa ne? Harafin farko babba ne ko ƙarami?

Malama: Wallahi ko huɗu ko shida. Bari na fara zazzage kwalin takardun tukuna.