Muhawara: Ajiya za a fara cirewa, ko kuɗin gida?

Sabon ma'aikaci: Albashina na farko ya shigo, kuma wani abokin aikina ya ce duk wanda ya aika wa iyaye kuɗi kafin ya cire ajiya, sai ya ci bashi kafin wata ya ƙare. Yayyena, haka ne?

Malama akanta: Ƙanena, matsalar ba ta wanda aka fara ba ce, ta rashin ƙayyade adadi ce. Ka ɗauka abin da ya shigo hannunka bayan an cire haraji da fansho 100 ne. Idan hayarka ta shekara 300 ce, to 25 na kowane wata ba naka ba ne, ko da mai gida bai zo ba. Kuɗin mota kuwa a kan kwanakin aiki ake lissafa shi, kamar kwana 22, zuwa da dawowa. Mu ce 15. Abinci 30, gida 15, ajiya 10, sauran 5 na abin da ya taso ba zato. In ka faɗa wa iyaye adadin tun yanzu, ba za su gina tsammani a kan abin da ba ka da shi ba.

Wani ɗalibin kasuwanci: Malama, ai tsarin raba albashi na 50/30/20 ya riga ya warware wannan, domin kashi 50 na buƙatun dole ne, 30 na abubuwan sha'awa, 20 kuma na ajiya.

Malama akanta: Tsarin bai ware wa iyaye gurbi ba, malam. A lissafin da na yi, haya da mota da abinci kaɗai sun cinye 70, alhali shi 50 ya ware wa buƙatun dole.

Uwar gida: Ni ban yarda a mayar da iyaye lamba a takarda ba. Ranar da mahaifiyata ta kwanta rashin lafiya, ban tsaya duba kaso ba, duk abin da ke hannuna na tura.

Tsohon ma'aikaci: Allah Ya saka miki, amma larura daban, tallafin wata-wata daban, kuma don irin wannan rana ake ajiya. Ni abin da ya kayar da ni a watan farko raba kuɗin abinci gida huɗu ne, na manta cewa mako huɗu kwana 28 ne. Kwanakin ƙarshe da ƙafa na je aiki, saboda kuɗin motar na ci. Ɗana, ka duba hannunka ranar 15 bayan biya: in kuɗin abinci da na mota bai kai rabi ba, ka rage tun daga ranar.

Sabon ma'aikaci: Na gode, Baba. To bashin da na ci kafin albashin ya fito fa, daga ajiya zan biya ko daga kason gida?

Malama akanta: Daga ajiya.

Tsohon ma'aikaci: A nan kam mun saɓa, Malama. Wanda ya taɓa ajiyarsa a watan farko, da wuya ya ƙyale ta a na biyu.