Neman kalma: me za mu kira ma'aunin farashi guda biyun nan?

Mai Darasi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jibi Asabar zan koyar da ɗalibaina karanta jadawalin farashi na shekaru masu yawa, sai na maƙale a wuri ɗaya. A TradingView, manhajar duba jadawalin farashi, in ka danna gefen da ake jera farashi, akwai `Regular` akwai `Logarithmic`. Na farko na sa masa "miƙaƙƙen ma'auni", na biyun kuwa ban samu komai ba. A taimaka kafin daren Juma'a.

Ɗan Kwari: Ai da sauƙi, ka ce jadawalin layi da jadawalin kyandir. Haka muke faɗa.

Malamin Lissafi: A'a Alhaji, wannan siffar zanen ce. Shi yana maganar yadda ake jera lambobin gefe ne. A na farko, tazarar dala 10 zuwa 20 daidai take da ta 100 zuwa 110, domin goma aka ƙara nan da can. A na biyu kuwa, 10 zuwa 20 daidai take da 100 zuwa 200, domin kowanne ninkawa ya yi. Shi ya sa nake ganin a ce ma'aunin ƙari da ma'aunin ninki. "Miƙaƙƙe" ba ya gaya wa ɗalibi komai.

Maman Hanifa: Ni "ma'aunin kaso" nake cewa, tunda kaso cikin ɗari yake nunawa.

Malamin Lissafi: Ma'anar ta yi, Hajiya, sai dai a wannan jerin akwai wani zaɓi daban mai suna `Percent`. Ɗalibi zai je ya danna shi.

Na Damagaram: Ku bar ma'auni, ku ce tsani. A Faransanci ma kalma ɗaya ake kiran ma'auni da tsani da ita. Tsanin ƙari, tsanin ninki. Kowa ya san matakala.

Baba Mai Ƙamus: Yaro, mun gudo daga Turanci za ka kai mu Faransanci? Kuma ni ban yarda da "jadawali" ba tun farko, jadawali na gidaje da layuka ne. Harshen da yake da "awo" bai rasa kalma ba. Mu ne ke jin kunyar nasa.

Na Damagaram: Allah ya ba ka haƙuri Baba, amma tsani Hausa ce tsantsa. Ko don daga wajenmu shawarar ta fito?

Ɗan Kwari: Duk wahala ce. A kasuwa "log" kowa ke cewa, in ka ce ninki sai an tambaye ka.

Mai Darasi: Don Allah mu dawo. Malam, in ɗalibi ya ce yaushe zai koma na biyun, me zan ce masa?

Malamin Lissafi: Ka buɗe masa Bitcoin. A Disambar 2017 ya kusa dala 20,000, bayan shekara ɗaya ya dawo wajen 3,200. A Nuwambar 2021 ya taɓa 69,000, bayan shekara ya sauko wajen 16,000. A ma'aunin ƙari faɗuwa ta biyu za ta cika ido, don an zubar da dala 53,000, ta farkon kuma ta zama ɗan tudu a gefe. Amma wanda ya saya a ƙololuwar 2017 ya rasa fiye da kashi 80 cikin ɗari na kuɗinsa, na 2021 kuwa wajen kashi 77. Ta farkon ta fi zafi, kuma ma'aunin ninki ne kaɗai zai nuna ta fi tsawo. Alamar da nake bi ita ce, in farashin sama ya ninka na ƙasa sau uku ko fiye, ko ka ga shekarun baya sun kwanta kamar tabarma, to ka sauya. A jadawalin yini ɗaya ko mako da wuya ka ga bambanci.

Maman Hanifa: A gargaɗe su kan layin da suke ja. Na taɓa jan layin tallafi, wato layin da farashi ke tokara da shi in ya sauko, a ma'aunin ƙari, da na sauya sai na ga farashi ya daɗe da keta shi. Na ɗauka na'urar ce ta lalace.

Malamin Lissafi: Lafiyarta lau. Layin da ya karkata, in ya miƙe a ɗaya to lanƙwasa yake a ɗayan, dole a sake jansa. Layin kwance ne kawai ba ya canzawa. Kuma ninki ba ya ɗaukar sifili ko ƙasa da shi. Ranar 20 ga Afrilun 2020 kwantiragin ɗanyen man Amurka na WTI ya rufe ƙasa da sifili, wannan sai ma'aunin ƙari.

Baba Mai Ƙamus: Ninki ba laifi. "Awon ninki" ya fi daɗin faɗa, amma ku yi yadda kuka ga dama.

Mai Darasi: Na gode ƙwarai. Zan rubuta ma'aunin ƙari da ma'aunin ninki, in nuna musu maɓallin a allo. Jadawali kuma zan bar shi haka nan zuwa Asabar, Baba a yi haƙuri.

Na Damagaram: Ni dai a ajina tsani zan ci gaba da cewa.